Darasi na 7: Kafin ka biya kuɗin takardar shaida

A ce kai mai kula da sito ne a Damagaram, albashinka jika 60 a wata. Wata makaranta tana koyar da lissafin kaya a kwamfuta, wata 6, jika 150, kuma mai makaranta ya ce albashi zai ƙaru. Shi mai sayarwa ne. Masu ɗaukar aiki za ka tambaya, kuma amsarsu tana cikin sanarwarsu.

Ka tara sanarwar aiki 20 na irin aikinka kaɗai, daga allon ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi, da jaridar Le Sahel, da waɗanda ake turawa a waya. Sanarwa tana fitowa da Faransanci, don haka in karatun bai zauna ba, ka sa yaro ɗan lakwal ya karanta maka. Kalma biyu za ka nema kusa da sunan takardar. In an rubuta «exigé», dole ce, ba a duba takardunka in babu ita. In an rubuta «atout», ƙari ce kawai, ana ɗaukar mutum ko babu ita. Ka ja layi uku a littafi: dole, ƙari, ba a ambata ba. In 3 ne kacal suka ce dole, 12 ba su ko ambace ta ba, to shekarun aiki ake nema. Ka lura kuma, wasu masu ɗaukar aikin difilom na gwamnati suke nufi, kamar CAP ko BTS, ba shaidar halarta da makaranta ke bugawa da kanta ba.

Binciken albashi kuwa a nan ake yawan ruɗuwa. Ɗauki mutum biyar masu takardar: jika 60, 65, 70, 75, da 300. In aka haɗa aka raba biyar, sai a ce suna samun 114, alhali huɗu ba su kai 80 ba. Na biyar ɗin, in ka bincika, a Yamai yake, ƙungiyar waje yake yi wa aiki, ya shekara 10 a kai. Ka jera su ka duba na tsakiya, wato 70, kuma ka gwada kanka da mai shekarun aiki irin naka a garinka. Ka tambaya ko adadin «brut» ne, kafin a cire haraji da kuɗin CNSS, asusun fanshon ma'aikata, ko «net», abin da ke shiga aljihu.

Yanzu lissafi. Makaranta 150, kabu-kabu da takardu 30, aikin yamma da za ka bari 60, jimla 240. Ƙarin da ka gano jika 10 ne a wata, ke nan sai bayan wata 24 kuɗinka zai dawo. In kwangilar wata 12 ce, rabi ka mayar. Don haka ka je wurin maigidanka tun yanzu ka ce: "Ranka ya daɗe, in na kawo wannan takarda, nawa za a ƙara mini, kuma za a rubuta a kwangila?"