Yadda ake ƙiyasta tsayin mutum daga ƙashin cinya guda ɗaya

A Legas, kwarangwal ba ya yawan zuwa teburin bincike a cike. Ana yashe kwata bayan damina ko ana haƙa harsashin gini, sai a ci karo da ƙashi ɗaya ko biyu, sauran ruwa ya tafi da su. Mu kuma da ke zaune a Agege da Idi-Araba mun san yadda ɗan'uwa kan zo ci-rani daga Arewa ya ɓace ba labari. Idan ƙashin da aka tsinta na cinya ne, an yi sa'a, domin shi ne mafi tsawo a jiki, kuma tsawonsa ya ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin mai shi. Wanda ya tsinta dai aikinsa ya bar shi inda yake ya sanar da 'yan sanda. Abin da ke tafe aikin ɗakin bincike ne.

Mataki na farko, a tabbatar na mutum ne. Wanda ya san yawan shanun da ake yankawa a mayankar Oko-Oba ba zai raina wannan tambaya ba. Ƙashin cinyar saniya gajere ne, mai kauri da nauyi. Na ɗan Adam dogo ne siriri, kansa a mulmule kamar ƙwallo a kan wuya mai tsawo, da tudu guda da ya bi bayansa daga sama zuwa ƙasa. Daga nan a duba ko mai shi ya gama girma. A jikin yaro, bakin ƙashin sama da ƙasa ba su haɗe da gangar ba, akwai guringuntsi a tsakani, kuma haɗewar ba ta kammala sai wajen shekara 20. In bakin a ware yake, a dakata, lissafin nan na manya ne.

Na biyu shi ne awo, kuma ba da tef ɗin tela ake yi ba, domin ƙashin yana da ɗan lanƙwasa, tef kuwa zai bi lanƙwasar ya ƙara tsawo. Akwai allon awon ƙashi: shimfiɗaɗɗen katako mai ma'aunin milimita, da bango kafaffe a gefe ɗaya da wani mai zamewa a ɗaya gefen. A wanke ƙashin, a bar shi ya bushe, a kwantar da shi. Ƙasansa, wato wajen gwiwa, yana da ƙullutu biyu, na ciki ya fi na waje saukowa. A jingina na cikin da kafaffen bango, a turo mai zamewar ya taɓa ƙwallon sama, sannan a riƙa ɗan motsa ƙashin har a samu adadi mafi girma. Wannan shi ne cikakken tsawo. Akwai wani awon da ake jingina ƙullutun biyu tare, wanda yakan gaza da 'yan milimita. Kowane lissafi da awon da aka gina shi a kai, kada a cuɗa su. A auna sau biyu, in da hali wani ma ya sake aunawa, saboda kuskuren rabin santimita a allo yana zama santimita guda a amsa.

Na uku, namiji ne ko mace? Da akwai ƙashin ƙugu da magana ta ƙare, shi ya fi nuna jinsi. In babu, sai a auna faɗin ƙwallon nan. Wanda ya haura milimita 47 da rabi galibi na namiji ne, wanda ya gaza 42 da rabi galibi na mace. Na tsakiya kuwa, a yi lissafin duka biyun a rubuta su.

Sai lissafin. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne na Mildred Trotter da Goldine Gleser na 1952, wanda suka gina a kan ƙasusuwan sojojin Amurka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda an auna tsayinsu tun suna raye, da kuma wata taskar kwarangwal ta kwalejin likita. Ga na baƙaƙen fatar Amurka, komai a santimita:

```
namiji: tsayi = 2.11 × tsawon ƙashi + 70.35   (± 3.94)
mace:   tsayi = 2.28 × tsawon ƙashi + 59.76   (± 3.41)
```

Mu ɗauka an kawo ƙashi daga wata kwata, bakinsa a haɗe, ƙwallonsa milimita 48, allo ya nuna santimita 46. A ninka 46 da 2.11, an samu 97.06. A ƙara 70.35, ya zama 167.4, wato kusan ƙafa 5 da inci 6. Da mace ce, da 164.6 za a samu.

Nan ne masu gaggawa ke zamewa, su rubuta 167.4 su rufe fayil. Adadin da ke cikin baka ba ado ba ne. Mutum biyu na iya yin ƙashin cinya iri ɗaya amma wani ya fi wani tsawon gadon baya. In an ƙara 3.94 aka kuma rage shi, kusan mutum biyu cikin uku ne kawai tsayinsu zai faɗa ciki. In ana son tabbacin da ya kai kashi 95 cikin ɗari, sai a ninka shi biyu, kusan santimita 8 kowane ɓangare. Abin da za a rubuta ke nan: tsakanin 159.5 da 175.3. Tazara ce mai faɗi, na sani, amma iyakar abin da ƙashi ɗaya ya faɗa ke nan.

Shekaru ma suna cin tsayi, domin faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna motsewa alhali ƙashin cinya yana nan yadda yake. Trotter da Gleser sun ce a rage santimita 0.06 a kowace shekara bayan 30. Mai shekara 50 sai a cire masa 1.2, tsakiyar ta koma 166.2.

Babban raunin aikin a wajenmu shi ne asalin lissafin. Saka 46 ɗin nan a lissafin fararen maza, wato 2.38 × 46 + 61.41, za ka samu 170.9. Ƙashi bai canza ba, amsa ta motsa da santimita uku da rabi, saboda rabon ƙafa da gangar jiki ya bambanta tsakanin al'ummu. Baƙin Ba'amurke na waccan shekara ba Bahaushe ba ne, ba Bayarabe ba ne, Legas kuwa ta tara kowa. Don haka a rahoto a ambaci lissafin da aka yi amfani da shi da mutanen da aka gina shi a kansu. Ƙashin da wuta ta ci sosai ya motse, wanda ya taɓa karyewa ya warke a karkace ya gajarce, wanda bakinsa ya gutsure kuma yana da nasa lissafin daban mai kuskure mafi faɗi. Kada a cike gurbin da hasashen ido.

Ranar da dangi suka zo, ɗaya ɓangaren ma, wato tsayin wanda ya ɓace, sai an bi shi a hankali, domin da wuya a samu wanda ya taɓa auna ɗan'uwansa. Dattijo zai ɗaga hannu ya ce, "Likita, ƙanen nawa ya kai nan." Sai a ce, "Baba, tashi mu auna ka, sannan ka nuna mana inda kansa ke kai maka." Hoton biki da suka tsaya kafaɗa da kafaɗa ya fi baki amfani, muddin an lura da hula da takalmi. In wanda ake nema zanƙalele ne mai santimita 188, ƙashi mai 46 kusan tabbas ba nasa ba ne, a faɗa musu su ci gaba da cigiya. In kuwa 170 ne, ya shiga tazarar, amma maza dubbai a Agege kaɗai sun shiga. Sai a yanki ɗan guntu daga gangar ƙashin, bayan an gama awo da ɗaukar hoto, a haɗa da samfurin uwa ko ɗan wanda ya ɓace a tura gwajin ƙwayoyin halitta.