Wasikar da ta kwantar wa Kakana hankali kan fansho

Kakana a Fagge ya tashi hankalinsa, wai kudin da ke takardar fanshonsa kullum raguwa suke, yana zargin ana sata. Bayanin baki bai shige shi ba, sai na rubuta masa wasika.

Na ce Kaka, lokacin da kuke aiki ana cire kashi 8 daga albashinku, ma'aikata ta kara kashi 10, su ne suka taru a asusunku, yanzu kun yi ritaya zubi ya tsaya, daga ciki ake biyanku duk wata, ribar juya kudin kuma tana shiga. In raguwar da kudin asusun suka yi ba ta kai abin da kuka karba ba, ribar ce ta cike gibin. Ya sa tabarau ya gwada da alat din wata uku, lissafi ya fita daidai.