Yadda ake ƙiyasta ƙarfin iska a bangon dogon bene da raba shi tsakanin firam-firam

Iskar da ke zuwa gaban hadari a farkon damina ita ce ke gwada dogon gini a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, don haka ita ake yi wa lissafi. Bari mu ɗauki bene mai hawa 10, kowane hawa mita 3, tsayinsa ke nan mita 30. Faɗin bangon da iska ke duka mita 30 ne, zurfin ginin kuma mita 20. Akwai firam shida a jere, wato ginshiƙai da bim ɗin da ke ɗaure su, tsakanin kowane biyu mita 6.

Da farko ka samo gudun iskar wurin daga bayanan hukumar yanayi ko ƙa'idar gini da kake bi. Ana auna shi ne a tsayin mita 10 a fili, sai ka gyara shi gwargwadon tsayin gininka da abin da ke kewaye da shi, domin iska tana ƙara gudu a sama, kuma ginin da ke bakin gari ya fi na tsakiyar gidaje shan ta. A misalinmu, a ce bayan gyara mun sami mita 40 a daƙiƙa a saman ginin. Sai a mayar da gudun, wato v, zuwa matsi, wato q:

```
q = 0.613 × v²
q = 0.613 × 40² = 981 N/m² ≈ 0.98 kN/m²
```

Lura da cewa gudun ana ninka shi da kansa ne. Ka yi kuskuren kashi 10 cikin ɗari a gudu, matsin zai kauce da kashi 21.

Iska ba tura bangon gaba kaɗai take yi ba, tana kuma jan na baya, duka biyun zuwa gefe guda. Ƙa'idar Turai ta EN 1991-1-4 ta ba bangon gaba +0.8, na baya kuma wajen −0.5 ga gini mai irin wannan siffa, ya kai −0.7 in ginin siriri ne sosai. Haɗa su ka sami 1.3, ka ninka 0.98 ɗin da shi, matsin ya zama 1.27 kN/m². Tunda tsayin bai wuce faɗin ba, ƙa'idar ta yarda a ɗauki wannan matsi ɗaya daga ƙasa har sama. In ya wuce, sai a raba bangon gida-gida.

Kowane dekin yana karɓar rabin bangon da ke samansa da rabin na ƙasansa, mita 3 ke nan. Saboda haka 1.27 × 3 × 30 ya ba da 114 kN a kowane hawa. Rufi yana ɗaukar rabin haka, sai ƙarin katangar da aka ɗora masa.

Wajen rabon ne ya kamata a tsaya a natsu. Abin da ya fi saurin zuwa a kai shi ne a ba kowane firam faɗin bangon da ke gabansa: na tsakiya huɗu mita 6 kowanne, kimanin 23 kN, na gefe biyu mita 3, kimanin 11.4 kN. Wannan daidai ne in rufin mai lanƙwasa ne, irin kwano a kan katako ko ƙarfe marar ɗauri. Amma dekin kankare ba ya lanƙwasa ta gefe. In iska ta tura shi, gaba ɗayansa yake gusawa, ya tilasta wa kowane firam ya karkata daidai da ɗan'uwansa. Kamar mutane ne suka tallabi gungume guda: wanda ya fi dagewa shi nauyin ya fi sauka a kansa. Rabon a nan yana bin taurin firam ne.

In duk shidan taurinsu ɗaya ne, kowanne zai ɗauki 114 ÷ 6, wato 19 kN. Dubi na gefe: 19 maimakon 11.4. Wanda ya raba da faɗin bango ya rage masa kashi 40 cikin ɗari na abin da zai ɗauka a zahiri. In kuwa na gefen biyu sun ninka sauran tauri, jimillar taurin ta zama 8, na gefe su ɗauki 28.5 kN kowanne, na tsakiya 14.25. Bangon kankare na ramin lifta ko na matakala yakan fi haka kwasa nesa ba kusa ba, har ya ɗauke mafi yawan iskar shi kaɗai.

In irin wannan bango yana gefe ɗaya kawai, tsakiyar taurin ginin ta kauce daga inda iska ke turawa, sai ginin ya riƙa murɗewa. Ka auna tazarar da ke tsakaninsu, ka ninka da 114 kN, ka ƙara wa firam ɗin da suka fi nisa da bangon rabonsu na murɗar. Alamarta a lissafin kwamfuta ita ce kusurwa ɗaya ta dekin ta fi ɗayar gusawa.

Kafin ka miƙa wa babban injiniya ya duba, tara rabon firam shidan a kowane hawa, da na bangon kankare in akwai shi, dole ya koma 114 kN. Sannan ka sake lissafin ta ɗaya fuskar mai mita 20, ka ninka sakamakon, domin ƙarin tsaro, da 1.5 in ƙa'idar Turai kake bi, ko 1.4 a ƙa'idar Birtaniya ta BS 8110 idan iska ce da nauyin ginin kaɗai.