Rubutun Dare na Mai Jego: Kurakuran da Aka Fi Yi da Yadda Za a Gyara Su

Ƙanwata ta zo gida wankan jego a haihuwarta ta fari, na ba ta littafi mai shafi 40 da biro, na ce ta riƙa rubuta abin da dare ya zo mata da shi. Ni ma haka na yi a jegona na biyu, kuma har yau nakan ɗauko littafin in karanta. Bayan suna da kwana 5 sai ta miƙo min nata ta ce, "Yaya, duba min, ni dai na ga kamar ba ni na rubuta ba." Ga abin da na tarar:

"Alhamdulillahi, yau ma na kwana lafiya da jaririna. Na gaji sosai amma ina farin ciki. Zama uwa ni'ima ce babba. Ina son ɗana fiye da komai a duniya. Allah Ya raya mana shi."

Babu ƙarya a ciki. Sai dai kowace mai jego daga Sakkwato har Damagaram za ta iya sa hannu a ƙarƙashinsa, kuma bayan shekara 10 ba zai tuna wa mai shi ko da abu ɗaya na daren ba. Kurakuran da ke cikin waɗannan layuka su ne dai waɗanda na yi a nawa.

Na farko, ta rubuta wa 'yan barka ne, ba kanta ba. Mai jego ta wuni ana shigowa ana cewa "barka da arziki, ya jego?" tana amsawa da "alhamdulillahi", har bakinta ya saba. Idan ta ɗauki biro, amsar nan ce ke fara zubowa. Godiya ga Allah tana da muhallinta, ki rubuta ta, amma kada ta zama murfin da zai rufe sauran zance. Gyaran mai sauƙi ne: ki fara da lokaci da wuri kafin ki ce komai game da zuciyarki. Ƙarfe nawa? An ɗauke wuta ko akwai? Wa ke barci a ɗakin? Farkawa ta nawa ce wannan? Jariri sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, dare da rana, don haka daren mai jego a gutsuttsure yake. Farkawar ƙarfe 11 daban take da ta ƙarfe 3, lokacin da unguwa ta yi tsit, ba ki jin komai sai haushin kare daga nesa da munsharin Inna. Da kin rubuta "ƙarfe 3 saura, farkawa ta 4", hannunki ya bar hanyar gaisuwa ya kama hanyar labari.

Sai kalmar "na gaji". A nan zan ɗan daɗe, domin wannan kalma buhu ce da ake cusa komai a cikinta. Na tambayi ƙanwata, ina ne ya gaji? Ta yi shiru, sannan ta fara lissafi: ƙugunta yana sara idan ta daɗe a zaune, kan nononta ya tsage har tana cije leɓe idan yaron ya kama, mararta tana murɗawa duk lokacin da yake tsotso, kuma ta tsinci kanta tana jijjiga filo alhali yaron yana kwance a gefe. Na ce to wannan shi ne rubutun. Murɗawar marar nan ma ba wani abin tsoro ba ne a kwanakin farko, mahaifa ce ke tsukewa tana komawa, kuma tsotson jariri ne ke zaburar da ita. Maganar filo kuwa ta fi "na gaji sosai" sau goma, domin duk wadda ta karanta za ta ga gajiyar da idonta.

Akwai wani dalilin da ya fi na daɗin karatu. Idan kika sa wa kowane ciwo suna ɗaya, ba za ki gane ranar da gajiya ta daina zama gajiya ba. Kumburin ƙafa da ke ƙaruwa, numfashi yana yi miki wuya idan kin kwanta har sai kin tara filo, tari cikin dare: waɗannan ba rashin barci ba ne, suna iya zama alamar ciwon zuciya da ke biyo bayan haihuwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawansa, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Haka ma zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko jinin biki da ya dawo da ƙarfi ko ya canja wari. Mai jegon da ta rubuta "filo 3 na sa kafin in iya numfashi" dare 2 a jere tana da abin nuna wa ma'aikaciyar asibiti, kuma ba ta jiran arba'in, ranar za ta tafi. Wadda ta rubuta "na gaji" kawai, ita kanta za ta ɗauka jego ne.

Kuskure na uku ya fi kowanne wuyar gyara a wurinmu, saboda kunya. Ɗan fari ne, kuma ƙanwata irin wadda aka yi wa tarbiyyar kawaici ce: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, idan Gwaggo ta miƙo mata shi sai ta karɓa tana kallon wani wuri. To da ta zo rubutu sai ta yi tsalle zuwa can ɗaya ƙarshen, ta aro babbar magana, "ina son ɗana fiye da komai a duniya". Kawaicin rana da babbar maganar dare duk ɓuya ne. Tausayin da ke saukar wa uwa cikin dare ba ya zuwa da shela. Yakan zo ne ta wani ɗan ƙaramin abu, kuma yawanci a daidai lokacin da ranki ya gama ɓaci. Kin ga maɗigarsa tana ɗagawa tana sauka. Ya damƙe ɗan yatsanki ya ƙi saki. Ya saki nono da ɗigon ruwansa a gefen baki, ya yi wannan murmushin barci da tsofaffi ke cewa mala'iku ne ke masa wasa. Ki rubuta abin da kika gani, sannan abin da jikinki ya yi: kin sunkuya kin shinshina kansa, ko kin fasa kwantar da shi duk da hannunki ya sage. Ba sai kin ce kin so shi ba.

Kuma kada ki goge ɓacin ran da ya riga shi zuwa. Mata da yawa suna jin kunyar rubuta "na ji haushinsa" ko "na yi kuka ban san dalili ba", kamar littafin zai kai ƙara. Idan kika cire wannan, tausayin da ya biyo baya zai zama lami, don ba a ga inda ya fito ba. Kuka ba dalili da saurin fushi sukan sami mata da yawa daga kwana 2 ko 3 bayan haihuwa, kuma sukan lafa da kansu cikin mako 2. Idan kika duba littafinki kika ga ya wuce haka, ko ba ki iya barci ko da yaron ya yi barci, ko tunanin cutar da kanki ko cutar da shi ya zo miki, to wannan ba maganar littafi kaɗai ba ce, ki faɗa wa wadda kika yarda da ita, ku je asibiti. Wadda kuma ta juya shafukanta ba ta ga tausayin ba tukuna, kada ta ƙirƙira shi don shafi ya yi kyau. Wata tun ranar farko take jinsa, wata sai an yi makonni.

Sauran kurakuran na aiki ne, ba sa bukatar dogon bayani. Kada ki ce sai gari ya waye za ki rubuta, domin da an kawo ruwan wanka da kunu, baƙi sun fara sallama, daren ya gudu. Layi 5 ya isa, ko da rubutun ya karkace. Na fi son takarda da ƙaramar tocila a kan waya, don wayar takan ja ki zuwa duba saƙonni, barcin da ya rage ya tafi. Kuma ki kwantar da jariri a bayansa a shimfiɗarsa kafin ki ɗauki biro. Gyangyaɗi a kan kujera da jariri a hannu hatsari ne. Littafin kuma a ƙasan akwatin zannuwan goyo, ba a kan gado ba inda 'yan barka ke zama. Wadda ke tsoron a karanta mata ba za ta rubuta gaskiya ba.

Wani abu da na hana ƙanwata shi ne rufe kowane shafi da wa'azi. Ta saba da insha'in makaranta, dole sai an kammala da darasi. Na ce idan abin da ya faru ya ƙare, ki ajiye biro.

Bayan kwana 3 ta sake miƙo min littafin, wannan karon ba ta kalle ni ba:

"Ƙarfe 3 da minti 20, kwana 15 da haihuwa. Ba wuta. Farkawa ta 4. Na hagu ya tsage, na ba shi na dama ya ƙi, ya yi ta tsala ihu har Inna ta juya ta ce, 'Ke, ba shi mana.' Na ji kamar in ajiye shi in fita tsakar gida. Na yi kuka kaɗan, a hankali don kada ta ji. Na canja masa nafkin, ya sake ɓata sabon tun ban ɗaure ba. Da ya kama daga ƙarshe sai ya ɗora hannunsa a kan ƙirjina, yatsun a buɗe, kamar mai cewa in tsaya. Ya yi gyatsa, ya yi barci a kafaɗata, numfashinsa yana taɓa min wuya. Na duba na ga Inna ta koma barci. Na kira sunansa sau 2, a kunnensa. Ban kwantar da shi ba sai da na ji an fara kiran assalatu."

Na ce mata, "Saura abu ɗaya. Ba ki rubuta sunan ba."

Ta karɓe littafin ta tura ƙarƙashin zannuwa ta ce, "Haba Yaya, ai na san za ki karanta."