Yadda ake rubuta takardar salon magana don shafin gidan ɗinki ya yi magana da baki ɗaya

Ana saura mako uku Ƙaramar Sallah, ƙanwata mai sabon gidan ɗinkin abaya da dogayen riguna a Unguwar Rimi, Kaduna, ta miƙo min wayarta ta ce, "Yaya, duba min, mutane sai su tambayi kuɗi su wuce." Na karanta rubutu uku a jere a shafinta na Instagram. Na farko ya buɗe da sallama: "Hajiyoyinmu, sabbin abaya sun sauka." Na biyu Turanci ne zalla, da 'yan hotunan wuta har bakwai. Na uku cewa ya yi, "Ki turo kuɗi kawai, ba ma son dogon surutu." Mutum uku ne ke riƙe da shafin: ita, da ƙawarta, da yaron da ke ɗaukar hoto. Matar da za ta tura naira 35,000 ga mutanen da ba ta taɓa gani ba, in ta ji baki uku a shafi ɗaya, abin da zai fara zo mata shi ne ko 'yan damfara sun ƙwace shafin.

Maganin abin takarda ce guda, gaba da baya, wadda duk mai taɓa wayar shago zai bi. Ga yadda muka yi tamu.

Kada ki fara da jera kalmomin yabo. Yawancin masu farawa sai su rubuta "mu masu aji ne, masu fara'a, 'yan zamani", su ce sun gama. Wannan ba ya gaya wa yaron hoto abin da zai rubuta da ƙarfe goma na dare. Ki tattaro rubutu 30 na baya da amsoshi 20 da aka ba kwastomomi, ki buga su a takarda. Kuɗin bugun bai taka kara ya karya ba, kuma ido ya fi kama kuskure a takarda. Ki karanta su da ƙarfi. Duk wanda ya yi kama da yadda kike yi wa mace magana tana tsaye a shago tana shafa yadi, ki sa masa alama. Mu guda tara muka samu, kuma daga cikinsu muka ciro komai.

Sai batun kira, wanda ya fi komai nauyi. "Ke" za ku ce ko "ku"? Hajiya, Anti, ko 'yar uwa? Ni dokata ita ce "ku" a kowane rubutu na fili da kuma saƙon farko, har sai ita kwastomar ta sake. Ba kowa ake ce wa Hajiya ba. Ɗalibar Jami'ar Jihar Kaduna mai shekara 19 tana iya jin an tsufar da ita, babbar mace kuma in aka ce mata "ƙawata" za ta ga raini. Kuma ku tuna Kaduna ce. Mai saye daga Tudun Wada za ta yi sallama, mai saye daga Barnawa ko Sabon Tasha tana iya buɗewa da gaisuwar Turanci. Ki rubuta a takardar: a amsa wa kowa da irin gaisuwarta da harshen da ta zo da shi. A rubutun fili kuwa mun tsaya a kan Hausa a sama, Turanci gajere a ƙasa, kullum a haka. Sunan kaya da kuɗinsa su zo a layin farko, domin Instagram yana ɓoye sauran bayan layi ɗaya ko biyu.

Daga nan ki raba takardar gida biyu: haka muke cewa, ba ma cewa haka. Misali ya fi bayani shiga kai. Ba ma cewa "Ku yi sauri kafin ku yi asara!" Muna cewa "Guda huɗu suka rage a wannan launin." Ba ma cewa `DM for price`. Muna rubuta ₦28,000 a fili. Ɓoye kuɗi yana korar mai kunyar tambaya, su kuwa masu kunyar nan su ne suka fi biya ba tare da ciniki ba. Layi shida zuwa takwas irin waɗannan sun isa. Kowane kaya ya samu suna ɗaya: in doguwar riga ce yau, kada gobe ta koma wani suna. Ku sa allon rubutun Hausa na Gboard a dukkan wayoyin, don abaya baƙa ta fito da ƙ ɗinta, "baƙi" kada ya koma "baki".

Inda takardarmu ta farko ta faɗi shi ne wajen ƙorafi, don mun yi ta ne kan talla kawai. Ana jibi Sallah, wuta ta ƙi zuwa, tela ɗaya ya kwanta rashin lafiya, riguna biyar ba su fita ba. Wata baiwar Allah daga Zariya ta rubuto da zafi, ƙawar ƙanwata kuma, da gajiya a jikinta, ta amsa, "Ai ba ke kaɗai ba ce, ki yi haƙuri mana." Matar ta ɗauki hoton amsar ta sa a status ɗinta. Ladabin da aka yi wata shida ana ginawa ya tafi a layi ɗaya.

Don haka amsar ƙorafi a rubuta ta tun ranar da rai yake kwance. Abu huɗu take ɗauka, a wannan jerin: karɓar laifi, abin da ya faru a jimla ɗaya, takamaiman rana, sai zaɓi. Ga tamu ta yanzu: "Ku gafarce mu, laifinmu ne. Rigarku ba ta kammala ba saboda tela ɗaya bai samu zuwa ba. Za mu sa ta a mota a tashar Kawo ranar Alhamis da safe, in sha Allahu, kuɗin mota a kanmu. Idan ranar ta yi muku nisa, za mu mayar da kuɗinku yau." Ki lura, "in sha Allahu" ba ya tafiya shi kaɗai ba tare da rana ba, don an saba jin sa a bakin telan da ke son a ƙyale shi. Kalmar "mana" kuma mun hana ta a amsar ƙorafi gaba ɗaya, tana mayar da roƙo ya zama faɗa. Ki yi irin wannan amsa ga abu uku da za su faru ko ana so ko ba a so: jinkiri, awo bai yi daidai ba, da launin da ya bambanta da na hoto. Ki ajiye su a `Quick replies` na WhatsApp Business, inda danna `/` zai fito da su. Amma mai turawa ya sa sunan rigar da ranar da hannunsa, in ba haka ba kwastoma za ta gane kwafi ce.

Saura ba wuya. Ki ɗauki hoton takardar ki maƙala a rukuninku na WhatsApp, ki manna ɗaya a bango kusa da teburin yanka. Gwajin kuma shi ne: kowa ya rubuta tallar riga ɗaya, a ɓoye sunaye, a ba wata tsohuwar kwastoma. In ta iya cewa wannan na wance ne, da sauran gyara. Mu sai a zagaye na uku ta kasa bambancewa. Bayan kowace Sallah muna zama mu ƙara layukan da ƙorafin lokacin ya nuna babu su. Na ƙarshe da muka ƙara shi ne abin da za a ce wa wadda ta biya rabin kuɗi ta yi shiru wata biyu.