Shawara: A Fara Tura Takarda Kafin A Ƙwanƙwasa Ƙofa

Masu ƙidayar gida-gida, ku aika da gajeriyar takarda kwana uku kafin ku je.

Layi biyar sun isa: su wane ne ku, me za ku tambaya, wace rana, minti nawa, sai tabbacin ba haraji ba ne kuma ba za a bayyana suna ba. In hirar minti 30 ce, ku rubuta 30. Na taɓa rage lokacin, magidanci ya tashi ana tsakiyar hira.

Maigida ya san da zuwanku, ya bar wa iyali izini, ba sai kun sake biyan kuɗin mota ba. Yaron mai unguwa ya kai takardar.

Inda boko ya yi ƙaranci, takardar ba ta aiki sai da ajami ko sanarwa a masallaci.