Yadda ake duba takardar lissafin kayan shago idan ta ƙi daidaita

Ƙa'idar dai ɗaya ce, ragowar kayan watan jiya ka haɗa da abin da aka saro, ka cire abin da aka sayar, abin da ya rage shi ya kamata ka tarar a sito.

Amma kafin ka buɗe takardar ma, fara shiga sito ka ƙirga kayan da hannunka ka rubuta a gefe. Ni dai ban yarda mutum ya ga lambar takarda sannan ya je ƙirga ba, don ido yana bin abin da ya riga ya gani ne. Kuma a ƙirga bayan an tashi kasuwa, ba ana ciniki ana fita da kaya ba.

Mu ɗauki shinkafa. An shiga wata da buhu 40, an saro 60, an sayar da 72, to ya kamata a samu 28. In a Excel ne, ragowar baya tana B, sari yana C, ciniki yana D, sai ka rubuta wannan a E:

```
=B2+C2-D2
```

Sai ga shi ka ƙirga ka samu 25, giɓin buhu 3 kenan. Don Allah kar ka goge 28 ka sa 25 kawai wai don lissafi ya tafi, kuma kar ka yi saurin zargin yaron shago, bi sawu tukuna.

Fara da 40 ɗin nan, shin ita ce aka rufe watan jiya da ita? In tun can aka kwafo ba daidai ba to duk watan ya lalace. Daga nan sai sari, a nan ake yawan shan wahala domin rasit zai ce 60 amma 'yan dako 59 suka sauke, direba ya ce zai kawo cikon daga baya aka manta, shi kuma mai rubutu rasit ya bi bai bi abin da ya shiga sito ba. Buhu ɗaya ya fito kenan. Sai littafin bashi, wani kwastoma ya ɗauki buhu zai biya ƙarshen wata, tunda kuɗi bai shigo ba ba a sa shi cikin ciniki ba alhali kaya ya fita. Na ukun kuma an farke shi ana awo da mudu, shi ma dole a rubuta ya fita daga layin buhu.

In giɓin yana rabuwa da 9, duba ko an juya lamba ne, kamar a rubuta 27 maimakon 72, bambancin 45 kenan. Rarar kaya ma kuskure ce, yawanci an rubuta ciniki sau biyu ko an sauke kaya ba a shigar ba.

Abin da ka gano ka rubuta shi a layinsa da kwanan wata da dalili, wanda ba a gano ba a sa shi a ɓatan kaya, sannan ka buɗe sabon wata da 25 ɗin da ka ƙirga.